Na biya kuɗin inshorar wannan wata, amma kamfani ya ce ana bina bashi

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina da inshorar rai wadda banki ke cire mini kuɗinta ranar 5 ga kowane wata, kuma na shiga shekara ta biyu ina biya. Yau 18 ga Yuni kamfanin ya aiko mini da saƙo cewa ban biya kuɗin 5 ga Yuni ba, kuma yarjejeniyar za ta daina aiki idan kwanakin ɗaga ƙafa suka ƙare, alhali na ga banki ya cire kuɗin a ranar da aka saba. Ta yaya zan bincika tarihin biyana, kuma kwana nawa ne suka rage mini?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin kamfanonin inshorar rai suna ɗaga ƙafa na kwana 30, kuma a cikin waɗannan kwanaki kariyarka tana nan daram kamar ka biya. Tunda yau saƙon ya iso, kana da lokaci har zuwa tsakiyar Yuli. Ina kyautata zaton cewa na'urarsu ce ba ta riga ta nuna kuɗin ba.

Hajiya Rabi:
Malam Garba ya faɗi gaskiya a kan cewa kariya ba ta yankewa a cikin kwanakin ɗaga ƙafa, amma ina roƙon a gyara lissafin, saboda a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Ba daga ranar da saƙo ya iso ake fara ƙidaya ba, daga ranar da ya kamata kuɗin ya shiga ake farawa, wato 5 ga Yuni. Idan kwana 30 ne, wa'adin zai cika ranar 5 ga Yuli, idan kuma kwana 31 ne, zai cika ranar 6 ga Yuli. Akwai ma yarjejeniyoyin da ke ba mai biyan wata-wata kwana 15 kacal, kuma idan taka irin wannan ce, kwana biyu ne suka rage maka. Saboda haka, kafin komai, ka ɗauko takardar yarjejeniyar a daren yau ka karanta sashen da ya yi magana a kan biyan kuɗi, don a nan aka rubuta adadin kwanakin, ba a bakin wakilin da ya sayar maka ba.

Na yi shekaru a sashen karɓar kuɗi na wani kamfanin inshora, kuma abin da ka bayyana ya fi kama da wata matsala da nake gani kusan kowane mako. Kamfani ba ya ɗora kuɗi a kan watan da aka biya shi, yana ɗora shi ne a kan watan da ya fi daɗewa ba a biya ba. Idan akwai wata guda a baya da banki ya kasa cirewa, to duk kuɗin da ya biyo baya yana komawa ya cike gurbin watan da ya gabace shi. Ta haka ne mutum zai ga an cire masa kuɗi ranar 5 ga Yuni, amma a littafin kamfani kuɗin na watan Mayu ne, na Yuni kuwa ana bin sa. Kai da kamfanin duk gaskiya kuke faɗa, littafi biyu ne kawai ba su haɗu ba.

Hanyar ganowa ba ta da wuya, sai dai tana buƙatar haƙuri. Ka nemi bayanin asusunka daga banki, aƙalla na wata 12 da suka wuce, sannan ka nemi kamfanin ya ba ka cikakken tarihin biyan kuɗi a rubuce. Wannan tarihin yakan nuna ranar da ya kamata a biya, da ranar da kuɗi ya iso, da adadin da ya iso. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe, ka ƙidaya watannin da suka wajaba a kanka, ka kuma ƙidaya sau nawa kuɗi ya fita daga asusunka bai dawo ba. Na ce "bai dawo ba" da gangan, domin wani lokaci banki yakan nuna an cire, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma kuɗin ya dawo, mai asusu bai lura da saƙo na biyu ba. Idan kamfanin yana da manhaja, ka duba inda aka rubuta `Paid To Date` ko makamancinsa, wannan ita ce ranar da kuɗinka ya kai ka. Idan tana nuna 5 ga Yuni maimakon 5 ga Yuli, to an tabbatar kana baya da wata guda.

Idris:
Ni dai a sanina babu wata ɗaga ƙafa. Inshorar motata ta ƙare da kwana uku kawai aka goge mini ƙofa, kamfani ya ce ba ruwansa, ni na gyara da aljihuna.

Hajiya Rabi:
Malam Idris, abin da ya same ka daban ne. Inshorar mota yarjejeniya ce ta wa'adi, galibi shekara guda, kuma idan ranar ƙarshe ta wuce ba a sabunta ba, babu sauran kariya. Ta Baban Hanifa kuwa yarjejeniya ce mai tsawon shekaru wadda ake biya kashi-kashi, kuma jinkirin kashi ɗaya ne ake ɗaga wa ƙafa. Idan Allah Ya yi wa mai inshorar rai rasuwa a cikin waɗannan kwanaki, kamfani yana biyan magada, sai dai ya cire kuɗin watan da ake bi.

Maman Sadik:
Bari in ƙara da abin da ya faru da ni, ko zai amfani wani. Ni da kaina nake tura kuɗi, kuma akwai watan da na manta ban rubuta lambar yarjejeniyata a wurin bayanin tura kuɗin ba. Kuɗin ya isa asusun kamfani lafiya, amma da yake ba su san na wane ne ba, sai suka jefa shi cikin asusun da suke tara kuɗaɗen da ba a gane masu su ba. Ban sani ba sai bayan wata huɗu, lokacin da aka ce mini yarjejeniyar ta riga ta mutu. Da na kai rasit ɗin banki mai ɗauke da rana da adadi da lambar cinikin, sun gano kuɗin, amma sai da na yi zuwa uku kafin a mayar da shi a kan ranarsa ta asali. Da ban ajiye rasit ɗin ba, da sai dai in bi hanyar farfaɗo da yarjejeniya, wato in biya duk bashin da ya taru, in cika takardar bayanin lafiya, kamfani kuma ya duba ko zai karɓe ni. Shawarata ita ce kada ka tsaya a kan ƙidayar watanni kaɗai, ka duba adadin ma, domin idan an ƙara kuɗin wata kai kuma umarnin da ka ba banki yana kan tsohon adadi, ragowar da ba ta cika ba za ta iya sa a ɗauki watan a matsayin wanda ba a biya ba.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta tabbata. Takardata ta ce kwana 31 ne. Daga Janairu zuwa Yuni wata shida ne, amma sau biyar kuɗi ya fita. Ranar 5 ga Maris albashi bai riga ya shiga ba, asusun bai da isasshen kuɗi, banki kuma bai sake gwadawa ba. Abin da ban gane ba shi ne, tunda tun Maris nake baya, me ya sa yarjejeniyar ba ta mutu tun lokacin ba?

Hajiya Rabi:
Da ƙyar ka sha, Malam, kuma lissafin zai nuna maka. Kuɗin Maris ya wajaba ranar 5 ga Maris, kuma da yake Maris yana da kwana 31, wa'adinka ya cika daidai ranar 5 ga Afrilu, ranar da banki ya cire kuɗi na gaba. Wato a ranar ƙarshe kuɗin ya iso. Na Afrilu wa'adinsa 6 ga Mayu ne, kuɗi ya shiga ranar 5, ka tsira da kwana guda. Na Mayu kuma wa'adinsa 5 ga Yuni, nan ma a ranar ƙarshe aka biya. Da a ce takardarka ta ce kwana 30, da kuɗin Maris, wanda ya iso ranar 5 ga Afrilu, ya makara da kwana ɗaya. Wata uku ke nan kana tafiya a bakin gaɓa ba ka sani ba, kuma jinkirin banki na yini biyu kaɗai ya isa ya jefa ka ciki.

Saboda haka kada ka jira cirewar 5 ga Yuli, domin ko ta yi nasara, na Yuni za ta cike, ka ci gaba da zama a baya. Ka biya kuɗin wata guda da kanka a cikin makon nan, ka rubuta lambar yarjejeniya a kan biyan, ka bar umarnin banki yadda yake. Bayan kwana uku ko huɗu ka nemi kamfanin ya tabbatar maka a rubuce cewa kuɗinka ya kai ka 5 ga Yuli kuma yarjejeniyar tana aiki. Idan albashinka yakan makara, ka tambaye su ko za su matsar da ranar cirewa zuwa bayan shigarsa.

Dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne shekarun yarjejeniyar. Wadda ta daɗe kuma ta tara ajiya a cikinta, wani lokaci kamfani yakan ranto daga ajiyar ya biya watan da aka rasa, ko ya rage adadin kariyar ya bar ta a raye. Taka ba ta cika shekara biyu ba, kuma a irin wannan mataki yawanci babu wata ajiya da za ta tare ka. Idan ta mutu, farfaɗo da ita tana hannun kamfani, kuma mutumin da lafiyarsa ta canja tun bayan shigarsa zai iya fuskantar ƙarin kuɗi ko a ƙi shi gaba ɗaya.

Malam Garba:
Na karɓi gyara a kan ranar fara ƙidaya. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Idan ranar ƙarshe ta faɗo a ranar hutu, ai dole ne a ƙara wa mutum zuwa ranar aiki ta gaba, kuma ban ga adalci ba a ce kamfani ya yi shiru tun Maris sai a Yuni ya aiko da saƙo.

Hajiya Rabi:
Batun ranar hutu ba dole ba ne a ko'ina. Akwai takardun da suka rubuta haka ƙarara, akwai waɗanda ba su ambata ba, kuma dokar kowace ƙasa tana da nata tanadi a kan wannan da kuma sanarwar da ya wajaba a aika kafin a soke yarjejeniya. Ni dai ban taɓa ba wani shawarar ya dogara da wannan ƙarin ba. Game da shirun kuwa, Baban Hanifa, ka duba ko lambar waya da adireshin imel da ke wurinsu su ne kake amfani da su yanzu.

Baban Hanifa:
Lambar wayar daidai take, amma imel ɗin tsohon wurin aikina ne, wanda aka rufe tun bara. Na tura kuɗin yanzu tare da lambar yarjejeniya, kuma na ajiye rasit. Gobe in Allah Ya kai mu zan je ofishinsu in canja adireshin, in kuma tambaye su inda suka aika sanarwar watan Maris.