Wasiƙa ta Sifaniyanci ta tona min asiri

Baban Ilham, Balansiya

Assalamu alaikum. Shekarata 11 a Sifaniya, a waya har akwai masu zaton a nan aka haife ni. Watan jiya na tashi daga gidan haya, sai na rubuta wa kamfanin dillalan gidan su mayar mini da kuɗin ajiyata, fiyansa, yuro 750. Ga abin da na aika:

*Espero que está bien. Le escribo para que solicite la devolución de la fianza. Le agradecería que me la ingresaría cuando revisará el piso. Si necesite algún documento, avíseme.*

Matar da ke ofishin ta amsa da layi ɗaya, wai wa nake so ta nemi kuɗin a wurinsa? Na rasa gane tambayar. Da dare Ilham, 'yar shekara 14, ta leƙa wayar ta ce, "Baba, jimla huɗu, babu wadda ta tsira." Ta gyara, amma da na ce ta faɗa mini dalili sai ta ce haka kawai kunnenta ya ji. Wa irin wannan ya taɓa samu? Dalilin nake nema, gyaran na riga na samu.

Malama Binta, Madrid

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Aikin fassara nake yi, kuma irin wasiƙarka na gani ba adadi. Bari in fara da jimla ta biyu, don ita ce ta jawo tambayar matar, kuma Hausa ce ta sa ka a ciki.

Matsalar ta subhuntibo ce, sigar aikatau da Sifaniyanci ke sawa ga abin da ake so ko ake fata. Mu ma muna da shi, shi ne abin da malaman nahawu ke kira umurtau: in zo, ka zo, ya zo. Sau da yawa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nasu. Ina so ka zo, *quiero que vengas*. Kafin ya zo, *antes de que venga*. Don ya sani, *para que sepa*. Shi ya sa Bahaushe ke saurin kama shi fiye da Bature mai Ingilishi. Amma mu muna cewa "na rubuto don in nemi kuɗina", mai rubutu da mai nema mutum ɗaya, kuma duk da haka umurtau muke sawa. Su idan mutum ɗaya ne ke aikin biyu, ba sa sa *que*, aikatau ɗin ya tsaya tsirara: *Le escribo para solicitar*. Da ka sa *para que solicite*, ka nuna mai neman wani ne daban. Kuma *solicite* siga ɗaya ce ga *yo* da *usted*, don haka abin da ta karanta shi ne "na rubuto miki don ki nemi a mayar da kuɗin". Tambayarta tana kan hanya.

A hira da baki ba ya fitowa, saboda za ka nuna ƙirjinka ko ka ƙara *yo*, a wuce. Takarda ba ta da hannun nuni.

Isufu Maraɗi, Giranada

Malama, mu 'yan Nijar Faransanci ne ke kayar da mu. Jimlar farko da *cuando* ɗin nan na Yaya, duk na yi su a wasiƙar da na aika wa malamin da ke duba binciken digirina. A Faransanci bayan "ina fata" ba a sa subhuntibo, kuma bayan "lokacin da" ana sa lokaci mai zuwa kai tsaye. Sai na rubuta *espero que está bien* da *cuando recibiré la beca*. Mutumin bai ce komai ba, ya amsa tambayata, can ƙasa ya sa *esté* da *reciba* kaɗai, ba ƙarin bayani. Na fi mako ina jin kunyar shiga ofishinsa.

Abin da na riƙe tun ranar: in abin bai faru ba tukuna, *cuando*, *en cuanto* da *hasta que* subhuntibo suke ɗauka. In ya riga ya faru ko al'ada ce, a bar shi yadda yake: *cuando recibo la beca, pago el alquiler*, wato duk wata haka nake yi.

Dakta Sani

Ni shekara 7 na yi a Kuba ina karatun likita. Abin bai kai yadda kuke ɗaukarsa ba. A wasiƙar hukuma, duk inda ka ga *que* ko ka ga akwai shakka, sa subhuntibo ka huta. Ya fi ladabi ma.

Malama Binta, Madrid

Dakta, wannan shawarar ce ta haifi jimla ta huɗu. Baban Ilham ya ga akwai shakka, ko za su buƙaci takarda ko ba za su buƙata ba, sai ya sa *si necesite*. To *si* na sharaɗi ba ya karɓar subhuntibon yanzu sam, duk shakkar da ke ciki. Ko dai *si necesita*, ko *si necesitara* in kana ganin da wuya su buƙata, ko ka sauya ƙofa gaba ɗaya ka ce *en caso de que necesite*. Ma'anar kusan ɗaya, amma kowace ƙofa da mabuɗinta.

Batun *que* kuwa, duba takardar koke da ake cikawa a ofisoshin gwamnati a nan. Kashi biyu ce, EXPONE da SOLICITA, kuma duk biyun da *que* ake farawa. A na farko kana faɗin abin da yake tabbas: *que reside en Valencia desde 2014*. A na biyu kana roƙo: *que le sea concedido el permiso*. In ka bi dokarka ka rubuta *que resida* a kashin farko, ka mayar da zamanka na shekaru abin da ake fata. Haka *le informo de que he pagado* sanarwa ce, ba ta son subhuntibo.

Dakta Sani

Na yarda da na EXPONE. Amma *no sé si sea posible* na sha ji a bakin abokan karatuna 'yan Meziko da Kolombiya, kuma masu ilimi ne.

Malama Binta, Madrid

Gaskiya ne, suna faɗa, kuma daidai ne a can. Sai dai wannan *si* ɗin "ko" ne, ban sani ba ko zai yiwu. Na Baban Ilham "idan" ne. A Madrid ma *no sé si será posible* za ka fi ji.

Alhaji Ɗanjuma, Malabo

Ni nawa kuskuren ba na ilimi ba ne, na waya ne. Ina sayen tayal daga wani kamfani a Sifaniya. Na rubuta musu *en cuanto pague el flete, le aviso*, da zarar na biya kuɗin jirgi zan sanar da ku. Wayar ta ɗora wa *e* ɗin 'yar sandar nan ta mayar da shi *pagué*, na biya. Akawunsu ta karanta a gurguje, ta kwana biyu tana neman kuɗin da ban tura ba, har ta nemi in aiko da shaidar banki. Yanzu kafin in aika sai na bi irin su *pague*, *envíe*, *firme*, *esté* ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Mu a boko "ya zo" na labari da "ya zo" na umurni rubutunsu ɗaya, murya ke rabawa, shi ya sa idonmu bai saba tsayawa kan 'yar alamar ba.

Ummu Haidar, Almeriya

Yaya kar ka bari su ruɗe ka da nahawu, sun gane sarai, jan ƙafa ne. Doka ta ce in wata ɗaya ya wuce da ba da mabuɗi ba su mayar ba, kuɗin ya fara tara ruwa a kansu. Ina fata ka ɗauki hoton gidan kafin ka fita. Ni sai da na yi wata huɗu ina bin nawa, wai fenti.

Baban Ilham, Balansiya

Na gode ƙanwata, hotuna suna nan, kuma kwana 20 ne kacal. Malama, saura ta uku. Ilham ta mayar da ita *le agradecería que me la ingresara cuando revise el piso*. Na *revise* Isufu ya warware mini. Amma me ya sa *ingresara*? Ni na ga na fara da *agradecería*, sai na ga ya dace na biyun ya yi kama da shi.

Habu Bilbawo

Yaya ni ban ga laifin *ingresaría* ba. A nan wurin aikinmu 'yan gari da kansu suna cewa *si tendría dinero* da *me dijo que vendría yo*. Ba baƙi ba, iyaye da kakanni a nan.

Malama Binta, Madrid

Habu, kunnenka bai yi ƙarya ba. A arewacin Sifaniya, wato ƙasar Basko da Nabara da Riyoha da wajen Burgos, mutane na sa wannan sigar a inda sauran ƙasar ke sa *tuviera*. Maganar gari ce, amma ko a Bilbawo malamin makaranta zai ja mata jan biro, kuma a DELE, jarrabawar shaidar iya Sifaniyanci, kuskure ce.

Baban Ilham, biyun ba sa yin kama, jere suke yi. Aikatau na farko shi ne roƙon, na biyu abin da ake roƙo, kuma abin roƙo dole subhuntibo. Sai lokacinsu ya dace: in ka fara da na yanzu, *le ruego que me la ingrese*. In ka fara da mai *-ría* don tausasa murya, na biyun ya ja baya, *le agradecería que me la ingresara*, ko *ingresase*, duk ɗaya ne. Dabarar da nake ba ɗalibaina: ɗauki sigar "sun yi", *ingresaron*, cire *-ron* ka sa *-ra*. Tana aiki har da masu taurin kai: *hicieron*, *hiciera*, *dijeron*, *dijera*, *pudieron*, *pudiera*.

Isufu Maraɗi, Giranada

Malama a nan ina da ja. Saƙon da ofishin jami'a ya turo mini makon jiya cewa ya yi *le agradeceríamos que nos envíe*, ba *enviara* ba. 'Yan ƙasa ne suka rubuta.

Dakta Sani

Ato. Ni ma haka nake rubutawa tun Habana, ba wanda ya taɓa mayar mini da takarda.

Malama Binta, Madrid

Ana rubuta shi sosai, musamman in abin da ake nema yana gaba, kuma ba zan kira shi kuskure irin na *ingresaría* ba. Ni dai a takardar da za ta fita da sunana *enviara* nake sawa, don ban taɓa ganin wanda ya yi ƙorafi a kansa ba, ɗayan kuwa na ga masu gyarawa.

Dakta Sani

Masu gyarawar a Madrid suke.

Baban Ilham, Balansiya

Ku ci gaba, ina karantawa. Na sake aikawa da safe: *Le escribo para solicitar la devolución de la fianza. Le ruego que me la ingrese en cuanto revise el piso. Si necesita algún documento, avíseme.* Na bar *agradecería* tunda ku ma ba ku daidaita ba. Ta amsa cewa ranar Alhamis za su je duba gidan. Sai dai ta rufe da *aunque el piso esté bien, hay que esperar la última factura de la luz*. Malama, wannan *esté* ɗin, tana nufin ba ta yarda gidan lafiya yake ba, ko kuwa don ba ta gani ba tukuna?