Muhawarar gurup: in ka fassara maganar marubuci, ta zama taka ke nan?

Ƴar Tawa: Salamu alaikum ƴan gurup. Na yi karusel a Instagram, wato jerin shafukan hoto da ake ja ɗaya bayan ɗaya, darussa ukku daga wani littahin kasuwanci na Hwaransanci, na maida su Hausa da kaina, sai wani ya rubuta min a ƙasa wai kopiye-kole na yi. To ni mi na kwafa tunda babu kalma guda ta Hwaransanci a ciki? Ai hwassara ma bakina ne ko?

Dogo: Ƙyale shi ƙanwata hassada ce kawai. Ilimi ba mallakar wani ba ne, doka ma ba ta kare ra'ayi, tsarin rubutun take karewa, kuma ke kin sauya harshe gaba ɗaya. Ni ko sunan mai littafin ba na sawa.

Mushe: Wa alaikumus salam. Dogo farkon maganarka daidai ne, ra'ayi kam ba a mallakarsa, kowa na iya cewa ɗan kasuwa ya raba kuɗin jari da kuɗin cefane. Amma sauya harshe bai wanke ta ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta bar wa marubuci haƙƙin fassarar aikinsa, haka ma yarjejeniyar Bangui ta 1977 wadda Nijar ke cikinta ta hanyar OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin ƙirƙira, kuma nan Yamai muna da BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa. Ƴata turo mini shafi na biyu na karusel ɗin da hoton shafin littafin in gani.

Ƴar Tawa: Ga su nan Mushe.

Mushe: To na duba. Ba zagi ba ne amma mutumin can yana da gaskiya. Marubucin ya fara da tambaya, ke ma da tambayar kika fara. Ya kawo mai gidan burodi da ke ɗibar kuɗi a akwatin ciniki kullum da yamma, ke ma mai gidan burodin kika kawo har da yamman. Ya rufe da cewa ka yanka wa kanka albashi, nan kika rufe. Jimla biyar gare shi, biyar gare ki, kowace na zaune a gurbin ƴar uwarta. Haka nake kama ɗalibaina a lise, ba na neman kalma iri ɗaya, yatsa nake ɗorawa a kan littafin ɗaya yatsan a kan kaye ɗin yaro in riƙa sauka, in yatsun sun tafi tare har ƙasa ba wanda ya tsallake wani to kwafa ce ko da wane harshe aka yi ta.

Hajiya Babba: Ni dai a turo mana PDF ɗin littafin nan gurup kowa ya karanta abinsa a huta da gardama

Ɗan Wadata: Hajiya ba littafin ake nema ba 😂 kuma wannan ma ya fi nata laifi

Ƴar Tawa: To Mushe ƙaƙa za ni yi, in na rufe littahin tsoro nike ji in ɓata maganar mutum in ce abin da bai ce ba.

Mushe: Tsoron nan shi ke sa mutane manne wa jimlar marubuci. Ki karanta babin ki rufe, kada ki rubuta komai ranar. Washegari ki ɗauki waya ki yi wa ƙanwarki ko wata ƙawarki bokal na minti ɗaya, ki gaya mata abin da babin ke koyarwa kamar kuna hira a tsakar gida, in ta ce ban gane ba ki sake. Abin da ya fito bakinki shi za ki rubuta. Sai bayan nan ki buɗe littafin, kuma abu biyu za ki duba, ko kin karkatar da ma'ana, da ko jimlolinki sun koma bin sawun nasa. In kin kasa yin bokal ɗin ba tare da leƙe ba to darasin bai zauna miki ba tukuna, ki sake karatu, kada ki buɗe Canva ki fara tsara shafukan.

Misalin kuma ki kawo naki. Ki ce mai shayi a bakin tasha ya zuba jika 15 a madara da sukari da burodi da gawayi, dare ya yi ya ƙirga jika 20. In ya ɗebi jika 7 ya kai gida don ya ga kuɗi a gwangwani, gobe jika 13 zai shiga kasuwa da su, jari ya ragu da jika 2 shi kuwa yana ganin ciniki na tafiya. Darasin na marubucin ne, mai shayin da lissafin naki ne, kuma mutumin Tawa zai fi ganewa.

Ɗan Wadata: A nan ne ban yarda ba Mushe. Ni na taɓa yin haka da wani littafi, na sa misalin ƴan kasuwarmu, sai wani da ya karanta littafin ya zo yana ce mini ƙarya nake wa marubucin don babu wannan a ciki. In ka bi shi a ce ka kwafa in ka sauya a ce ka yi ƙage, ina mafita

Mushe: Mafitar ka nuna wa mai karatu inda maganar kowa ta tsaya. Shafin darasi ka ce marubucin yana ganin kaza, shafin da ke biye ka rubuta a sama "misali daga wajena". Malamanmu na zaure ai haka suke yi, su ce mai littafi ya ce, sannan su ce to ni abin da na fahimta. Shafi 8 sun isa duka aikin: na farko sunan littafi da na marubuci, kowane darasi shafi biyu, na ƙarshe ra'ayinka har da inda kake ganin maganarsa ba za ta yi aiki a nan ba. Instagram na karɓar har 20 yanzu amma wanda ya cika 20 daga littafi ɗaya yawanci babin ya juye. In akwai jimlar da ta yi maka daɗi ƙwarai ka ɗauko ta guda, gajera, cikin alamar zance da sunansa da lambar shafi, wannan doka ta yarda da shi. Alƙaluma kuwa ba a sake musu kama, in ya ba da adadi ka kawo shi yadda yake ka ce in ji shi.

Dogo: To amma in na bi duk wannan, na rufe littafi na yi bokal na kawo misalina, ai ya zama nawa, sunansa na mene ne kuma?

Mushe: Kotu wataƙila ba ruwanta da kai a nan, amma ka ce wa mutane taƙaita littafi kake yi, na wa? Wanda abin ya burge shi ina zai je ya nemo sauran?

Ɗan Wadata: Ni abin da ya rage mini shi ne zaɓen darussan. In littafin kansa kashi uku ne ni kuma na ɗauko ukun a jere yadda ya tsara su, ko da bakina na faɗa, tsarin ai nasa ne

Mushe: Wannan kam ana gardama a kai. Ni ina ganin taƙaitawa dole ta bi littafin in dai an faɗi sunansa, sai dai na fi son mutum ya zaɓi ukun da suka taɓa shi ko da daga babi ɗaya suka fito.

Dogo: Ni ban ga bambanci ba wallahi

Ƴar Tawa: Na sauke shi dai. Gobe in sha Allah in yi ma ƙanwata bokal ɗin, amma Mushe na ukkun zancen bashin banki ne da ruwa a kai, ban san misalin da za ni kawo ba.

Hajiya Babba: Ki sa adashe mana

Mushe: Adashe babu ruwa a kansa Hajiya, zai sauya darasin. Ƴata ko ki nemi wani darasin daga littafin, ko ki bar shi yadda yake ki faɗa a shafin ƙarshe cewa ke ba ki bi shi a nan ba.