Wai duk wadda ta kai ƙarar oga ta kori kanta?

Sani Agege: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwar matata tana aiki a wani kamfanin haɗa kaya a Ikeja. Sufabaizanta ya matsa mata da neman lalata, ta kai ƙara ofishin kula da ma'aikata ranar Litinin, ranar Alhamis suka mayar da ita aikin dare. Ni a ganina dokar kamfani ta hana cin zarafin nan ado ce kawai a jikin bango, duk wadda ta kai ƙara ta kori kanta. Mai ja ya fito.

Ɗanjuma Mile 12: Wa alaikumus salam. Babu mai ja, Malam Sani. Ofishin ma'aikata ai kamfani ke biyansu albashi, ya za a yi su kama nasu? Da ta yi shawara da ni, caji ofis zan ce ta nufa kai tsaye. Kuma ko can ɗin, in ba ta da wanda ya gani da idonsa, aikin banza ne.

Hajiya Rabi: Ni ina ja, amma ba duka ba. Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata a Apapa, na zauna a kwamitin bincike ba sau ɗaya ba. Malam Sani, amsa min abu uku. Da baki ta kai ƙarar ko a rubuce? An tambaye ta kafin a canza mata lokacin aiki? Kuma hannun wa ke kan takardar canjin?

Sani Agege: Da baki ne, Hajiya. Ta shiga ta yi kuka, matar ta ba ta ruwa ta ce za a duba. Ba a tambaye ta komai ba. Jadawalin kuwa shi sufabaizan ne ke rubutawa, kamar kullum.

Hajiya Rabi: To ga inda gizo ke saƙa. Ƙarar da ba a rubuta ba, gobe sai a ce hira ta zo yi. Inda ake bin dokar da gaske, ko da baki mutum ya zo, wanda ya karɓa shi zai rubuta, ya karanta mata, ta sa hannu da kwanan wata, ta tafi da kwafi. Tun daga ranar, abu na farko ba bincike ba ne, raba su ne. A cire ta daga ƙarƙashin ikonsa, ya daina rubuta mata jadawali, ya daina sa hannu a kan hutunta da kuɗin obatayim ɗinta. In sai an matsar da wani, wanda ake ƙara ake matsarwa, ko a dakatar da shi da albashinsa har a gama. Ita ba a taɓa ta sai in ita ta nema. Su kuwa sun bar wuƙa da nama a hannunsa, ga shi ya yanka.

Yau ɗin nan ta rubuta. Ba dogon turanci ba: ranar kaza a sito ya ce min kaza, ranar kaza ya riƙe min hannu, na kai ƙara ranar Litinin wajen wance, ranar Alhamis aka mayar da ni dare ba tare da an tambaye ni ba. Ta tura ta imel, ko ta kai takarda biyu a buga hatimi a ɗaya ta dawo da ita gida.

Usman Idi-Araba: Hajiya ku ma ku riƙa duba ɓangarenmu. Mace ta tashi ta ƙulla maka sharri don ka hana ta zuwa a makare, sai a dakatar da kai, unguwa ta ɗauka. Wa zai wanke ka?

Hajiya Rabi: Binciken nan shi zai wanke ka, ƙanena, in an yi shi daidai. Mai bincike ba zai zama yaron wanda ake ƙara ba, ba kuma abokin cin abincinsa ba. In babban manaja ne ake ƙara, daga waje ake ɗauko mutum. Da mai ƙorafi ake fara zama, ita kaɗai ko da wanda ta zaɓa ya raka ta. Daga nan a yi maza a killace hujja kafin ta ɓace: saƙonnin waya, rajistar shiga da fita, hoton kyamarar tsaro. Kyamarar nan ita ce ta fi ba ni ciwon kai, domin na'urar tana goge tsohon hoto da kanta in ta cika. Na taɓa zuwa neman hoton wata rana, mai gadi ya ce min jiya-jiya ya goge.

Sai shaidu, ɗaya bayan ɗaya, kada su ji bakin juna. Sai shi wanda ake ƙara: a ba shi zargin a rubuce, rana da wuri da abin da aka ce ya yi, a ba shi lokaci ya amsa, ya kawo nasa shaidun. Kamfanin da ya kori mutum bai ji ta bakinsa ba, shi ma kotu na jiransa. Mai bincike rahoto kawai yake rubutawa, hukunci na wasu ne. Kuma a gaya wa kowannensu sakamako, da inda zai ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba.

Ɗanjuma Mile 12: Duk na ji. Amma a sito su biyu ne kaɗai. Ina shaida?

Hajiya Rabi: Ai irin wannan abu ba a yin sa a bainar jama'a, Malam Ɗanjuma. Kwamiti ba kotun laifi ba ne da sai an kawar da kowane shakku. Ana auna maganar wa ta fi rinjaye. Wa ta fara gaya wa a ranar? In ta fito ta faɗa wa abokiyar aikinta a cikin danfo, wannan abokiyar shaida ce, ko ba ta gani ba. Rajista ta nuna ya tura ta sito ita kaɗai a lokacin da ta ce? Ya kira ta ƙarfe sha ɗaya na dare sau nawa, a kan wane aiki? An taɓa ƙorafi a kansa a baya? Ƙananan abubuwan nan su ake jerawa. Malam Sani, ka ce mata kada ta goge komai a WhatsApp don jin kunya. Ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa da lokaci za su fito, ta tura wa yayarta ta ajiye.

Maganar caji ofis kuma ba ka yi kuskure duka ba. Dokar laifuka ta jihar Legas ta 2011 ta sa wannan cikin laifuka, ɗaurin shekara uku ne. Amma 'yan sanda ba za su mayar da ita aikin rana ba. Hanyoyi biyu ne daban, ɗaya ba ta rufe ɗaya.

Usman Idi-Araba: To in aka gama ba a samu hujja ba, ita za a hukunta ke nan ko?

Hajiya Rabi: A'a. Rashin samun hujja daban, ƙarya daban. Sai an tabbatar da gangan ta ƙirƙira ake hukunta ta. Wadda ta kai ƙara da zuciya ɗaya tana da kariya ko ba ta yi nasara ba, haka ma shaidunta. In ba haka ba wa zai sake buɗe baki?

Maman Khalifa: Ni abin ya faru a kaina, a wani asibitin kuɗi da na yi aiki. Duk abin da Hajiya ta faɗa an yi, har aka sallami mutumin. Amma fa daga ranar babu mai zama kusa da ni in ana cin abinci. In na shigo sai a yi tsit. Wata ta ce min na raba magidanci da abincin 'ya'yansa. Ba wanda ya rage min ko kwabo, amma wata biyar na iya jurewa na ajiye aikin da kaina. Don haka ni ina bayan Malam Sani.

Hajiya Rabi: Allah sarki, 'yar'uwa. Wannan kam takarda ba ta maganinsa, ba zan yi miki musu ba. Abin da ya kamata su yi shi ne a riƙa kiranki bayan wata ɗaya, bayan wata uku, a ji yadda ake ciki, a kuma ja kunnen masu yaɗa maganar. Yawancin wurare da an rufe fayil shi ke nan.

Bi-ta-da-ƙullin da ake iya kamawa shi ne mai barin sawu. Ba wanda zai rubuta “na hukunta ta don ta kai ƙara”. Cewa za a yi aiki ne ya buƙaci haka, ko a fara jero mata takardun tuhuma a kan makarar minti biyar. Sai ka duba lokaci: Litinin zuwa Alhamis, kwana uku. Ka duba fayil ɗinta: shekararta nawa ba a taɓa ba ta takarda ba, sai yanzu? Ka duba na kusa da ita: mutum nawa aka mayar dare a makon, ko ita kaɗai? Ka duba wanda ya sa hannu a canjin. A nan duka huɗun suna nuna wuri ɗaya in har fayil ɗinta fes yake. Wannan ƙara ce ta biyu mai zaman kanta, ko ta farkon ta faɗi ita tana tsaye.

Kada ta ƙi zuwa aikin daren ba tare da ta rubuta dalili ba, sai su ce ta gudu daga aiki. Kada kuma ta sa hannu a takardar ajiye aiki ko an lallaɓa ta.

Barista Nura: Na shigo a makare. In ƙara a kan na Hajiya, Dokar Ƙwadago tsohuwa ce, ba ta ambaci wannan matsala da sunanta ba. Ƙarfin yana cikin kundin tsarin mulki, gyaran 2010, sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi irin wannan a wurin aiki. Tana da reshe a Ikoyi. A 2013 kotun ta yanke shari'ar Maduka da Microsoft: ma'aikaciya ta ƙi amincewa da shugabanta, aka sallame ta, kotu ta ɗora alhaki har a kan kamfanin, ba shi kaɗai ba, ta sa a biya ta miliyoyin naira. Najeriya kuma ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai hana cin zarafi a wurin aiki, a 2022. Wani abin ma, sashe na 55 na Dokar Ƙwadago ya hana sa mata aikin dare a masana'antu in ban da 'yan kaɗan da aka ware, ko da yake kowa ya san yadda ake yi a Ikeja da Ogba.

Sani Agege: Barista ka yi magana, amma shekara nawa ake yi a kotun, kuma da me za ta ci kafin nan? Sannan na manta ban faɗa ba, ba kamfanin ne ya ɗauke ta kai tsaye ba. Ta hannun ejan ta shiga, shi ke biyansu ƙarshen wata.

Hajiya Rabi: Kash! Da wannan ya kamata ka fara. Nan ne ra'ayinka ya fi ƙarfi. Ba sai sun kore ta ba, waya ɗaya za a buga wa ejan a ce kada ya sake turo ta, babu takarda babu sawu. Ku nemo dokar kamfanin ku duba shafin farko, inda aka ce su wa ta shafa. Mai kyau takan haɗa da 'yan kwantiragi da masu koyon aiki. Takardar da na ce kuma ta kai wa kamfanin da ejan ɗin rana ɗaya, kada wani ya ce bai sani ba.

Barista Nura: Kotu takan duba wa ke ba ta umarni kullum, ba wa ke biya kaɗai ba, ana iya haɗa su biyun a ƙara. Amma shari'a na cin lokaci, wannan ba zan ɓoye ba. Kafin nan akwai hukumar jihar Legas mai yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata, a Alausa take, za ta iya fara zuwa can.

Ɗanjuma Mile 12: Ni har yanzu ban ga inda aka kayar da Malam Sani ba.

Sani Agege: Ni ma ban sauka ba. Amma yanzu na kira ta, ta ce saƙonnin suna nan, guda biyu kawai ta goge. Hajiya, in ta rubuta zan turo miki ki duba kafin ta fita, ƙarfe shida take barin gida.