Idan Aka Tambayi Katin Tarot Kan Amanar Masoyi

An yi wata tattaunawa kan masu tambayar tarot, wato katunan da ake duba da su, ko masoyinsu yana cin amanarsu. Shawarar da masu tattaunawar suka fi nanatawa ita ce a gyara tambayar kafin a buɗe kati. Maimakon "Yana cin amanata?", a ce "Me ya hana mu fahimtar juna?"

An kawo misalin matar da katin Takubba Bakwai ya fito mata kusa da katin Kofuna Biyu. Na farko yana nuna ɓoye-ɓoye, amma bai faɗi mai ɓoyewar ba. Wataƙila ita ce ta haɗiye damuwarta. Na biyu kuwa shaƙuwa yake nunawa. Sai mai duba ya tambaye ta: "Wace magana ce kuka kasa yi?"

Na goyi bayan wannan, domin kati ba shaida ba ne, kuma wanda ake zargin ba ya wurin balle ya kare kansa.