"Ten dollars is enough" ko "are enough"? Na rikice

Assalamu alaikum. Ina koya wa ƙanwata Turanci da yamma saboda jarrabawar WAEC, kuma jiya ta kawo mini tambayar da ta tsaya mini a rai.

A makaranta an koya mana cewa suna jam'i yana ɗaukar "are", tilo kuma "is". To sai ga wannan jimla a takardar gwajinta: "Ten dollars ___ enough for the book." Ta cike da "are", tunda "dollars" tana da "s" a ƙarshe, malaminsu ya soke ya rubuta "is". Da na duba littafin nahawu, sai na ga bayanin cewa idan ana nufin adadin a dunƙule, kuɗi ne ko lokaci ko nisa, aikatau tilo ake sa masa. Wato dala goman nan farashi ɗaya ce, ba takardu goma ake ƙirgawa ba. Haka "Five kilometres is a long walk". Wannan ya zauna mini, don mu ma muna cewa "naira dubu ta isa", ba ma cewa "sun isa".

Inda na maƙale shi ne "Three years have passed since he left." Shekaru uku ai lokaci ne, me ya sa nan aka sa "have"? Zatona saboda ana kallon shekarun suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ne. Amma in ɗalibi ya rubuta "has passed", mai maki zai soke? Malamai, wace alama zan nuna mata a cikin jimla da za ta riƙa rarrabewa da ita?