Kwamfuta a Tudun Wada, kai a Samaru: za a ji jinkiri?

Sadiku: Jama'a ni na ce sayen laftof mai tsada asarar kuɗi ne. In bar babbar kwamfutata a kunne a gida Tudun Wada, in riƙa jawo manhajar zane ta AutoCAD da gem ɗin ƙwallo a tsohon laftof ɗina a Samaru. Duk cikin Zariya ne, ina jinkiri zai fito?

Habu: Gaskiyarka, ni da Steam Link nake bugawa a waya kuma sumul wallahi.

Injiniya Bala: Habu a ina kake bugawar?

Habu: A falo, kwamfutar na ɗaki.

Injiniya Bala: To ai rawuta ɗaya kuke kai, hotonka ko ƙofar gida bai fita ba. Shi Sadiku da sim zai haɗa, kuma saƙon sim ba Kwangila yake bi ya sauka Samaru ba, sai ya je cibiyar kamfanin layin tukuna ya dawo, in layukan biyu ba kamfani ɗaya ba ne hanyar ta ƙara tsawo. Ka danna maɓalli, saƙo ya je gida, kwamfuta ta zana hoton ta matse shi, ya dawo laftof ya warware, kowanne da ɗan lokacin da yake ci.

Maryam: Amma Injiniya 4G ɗin hostal ɗinmu na kai 30 Mbps fa, bai isa ba?

Injiniya Bala: Wannan saukewa ne Malama Maryam. Ita ta gida turawa take yi, ƙarfin turawarta za a duba, in 5 Mbps ne to a kan 720p za a tsaya. Kuma yawan Mbps daban jinkiri daban. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan 17 ms ne, wato kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, netwok ya ƙara maka 100 ms an wuce ka da hoto shida kafin ɗan wasanka ya ɗaga ƙafa. AutoCAD zai yi haƙuri, linzami ya ɗan ja baya ka saba.

Sadiku: Ta yaya zan auna kafin in ɓata data?

Injiniya Bala: Sa manhajar Sunshine mai tura hoto a ta gida, Moonlight mai karɓarsa a laftof, Tailscale mai haɗa su a duka biyun don layin waya ba ya barin a shigo daga waje kai tsaye. Daga Samaru ka buga:

```
tailscale ping sunan-kwamfutarka
```

In `via DERP` kaɗai kake gani har ƙarshe, zagaye ake da kai ta sabar Tailscale, manta da ƙwallo. Ka gwada da ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya hau, ba da asuba ba.

Maryam: Datar fa? 10 Mbps awa ɗaya 4.5 GB ne, a gida ta ci a Samaru ta ci.

Habu: Ni dai na buga daga Sabon Gari rannan kuma na ci wasan.

Sadiku: Zanen ya fi damuna dama. Abin da ban warware ba shi ne in an ɗauke wuta a gida ina tsakiyar aiki, Umma ba za ta tayar min da janareta ba.