Gyaran tasirin iska a awon kilo 1: zafin ɗakinmu ya wuce iyakar lissafin

Assalamu alaikum malamai. A Damagaram nake, ina gwada dutsen awo na tagulla, kilo 1 (8400 kg/m³), ina kwatanta shi da dutsen awonmu na ƙarfe marar tsatsa (8000 kg/m³). Zafin ɗakin 34 °C, danshin iska kashi 15 cikin ɗari, matsin iska 958 hPa. Daga na'urar ɗakin na ɗauko matsin, don na hasashen yanayi an mayar da shi matakin teku, mu kuwa muna kan tudu.

Don samun ρa, wato nauyin iska a kowace m³, na yi amfani da gajeren lissafin da ke cikin ƙa'idar duwatsun awo ta OIML R 111:

```
ρa = (0.34848*p - 0.009*hr*exp(0.061*t)) / (273.15 + t)
```

Ya ba ni 1.083 kg/m³ maimakon 1.2 da aka saba ɗauka, wato gyaran ya kai kusan +0.7 mg. Da na sa danshin damina, kashi 70, gyaran ya ƙaru da 0.08 mg kawai, don haka danshi bai dame ni ba.

Inda na maƙale: wannan lissafin iyakarsa 30 °C, cikakken lissafin CIPM-2007 kuma 27 °C. Na'urar sanyaya ɗakin tana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Shin in ci gaba da lissafin, in faɗaɗa rashin tabbas na ρa? In haka ne, da nawa? Ko kuwa sai in jira asuba, tunda dutsen tagullar ajin F1 ne?